Na haddace Ajurrumiyya amma shafin da ba wasali ya gagare ni

*Malam, shekara biyu ke nan ina fama da Larabci. Na karanta Ajurrumiyya sau biyu har na haddace ta, amma in na buɗe littafin hadisi ko tafsirin da ba wasali sai in tsaya cik. Kwanan baya kuma na haɗu da wani mutumin Masar a wajen aiki, ya yi ta magana ban kama ko rabi ba. Babban burina in karanta littattafan addini da kaina, amma ina son in iya hira ma. Awa ɗaya nake samu a rana. In shiga Alfiyya ne, ko in koma koyon magana?*

Ɗan'uwa, kada ka shiga Alfiyya yanzu, kuma kada ka bar karatunka ka koma koyon hira. Abu biyun da suka dame ka ba ciwo ɗaya ba ne, don haka maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Bari in fara da na mutumin Masar, don shi ne mai saurin bayani.

Abin da ya yi maka ba Larabcin littafi ba ne. Larabawa suna rayuwa da harshe hawa biyu: fusha, wadda ake rubutu da huɗuba da karanta labarai da ita, da ammiyya, wadda uwa take yi wa ɗanta kuma ake ciniki da ita, kowace ƙasa da tata. Tambayar "me kake so?" a fusha ita ce *maza turidu?* A Alƙahira za ka ji *ayiz e?* A Sham *shu biddak?* A Hijaz *esh tibga?* A Sudan *dayir shinu?* Kalmar "yanzu" a littafi *al'ana* ce, amma mutumin Masar *dilwa'ti* zai ce, na Sham *halla'*, na Maroko *daba*. In kana so ka ce "ban je ba", littafi ya koya maka *lam azhab*, shi kuwa abokin aikinka *ma ruhtish* zai ce. Ga kuma furuci: a Alƙahira ƙaf yakan koma hamza, jim kuma ya koma "g", shi ya sa *ƙalb* ya zama *alb*, *jamil* ya zama *gamil*. Sannan babban abin da Ajurrumiyya ta tsaya a kai, wato canjin wasalin ƙarshen kalma, ammiyya ta yar da shi gaba ɗaya. Ko da ka haddace Alfiyya da sharhinta, ranar da ka fara jin wannan mutumin haka za ka tsaya kana kallon bakinsa. Rashin fahimtarsa bai nuna komai a kan karatunka ba.

Tsayawar da kake yi a gaban shafin da ba wasali ita ce abin dubawa, kuma a nan zan daɗe.

Ajurrumiyya ƙaramin littafi ne da Ibn Ajurrum, mutumin Fas wanda ya rasu a shekara ta 723 bayan Hijira, ya tsara don mai farawa. Ta faɗa maka alamomin li'irabi, ta jera maka sunayen da ake yi wa rafa'i guda 7, waɗanda ake yi wa nasabu 15, waɗanda ake yi wa jarra 3. Duk wannan aikin a kan harafin ƙarshe na kalma yake. To, shafin da ba wasali ba ƙarshen kalma kaɗai ya ɓoye maka ba, ya ɓoye farkonta da tsakiyarta ma. Ɗauki haruffa uku, ain da lam da mim. Za su iya zama *alima* (ya sani), *ulima* (an sani), *allama* (ya koyar), *ullima* (an koya masa), *ilmun* (ilimi), ko *alamun* (tuta). A rubuce duk kamarsu ɗaya. Fannin da yake raba su shi ne sarfu, kuma Ajurrumiyya ba littafin sarfu ba ce. A cikin ɗaliban da suka zo mini da irin kukanka, mafi yawansu ba ƙarin nahawu suke nema ba. Sarfu ne ba su yi ba, kuma ba su taɓa zama sun karanta shafuka masu yawa ba.

Mu yi aiki a kan jumla guda ka gani. Hadisi na 12 a Arba'una ta Imam Nawawi gajere ne, kuma na san ka san shi, amma ka ɗauka yau ka fara ganinsa, babu wasali ko ɗaya. Kalmar farko mim da nun ce. Tana iya zama *man* (wanda), tana iya zama *min* (daga cikin). Ta biyu ha da sin da nun: *hasuna* (ya kyautatu), ko *hasanun* (kyakkyawa), ko *husnu* (kyawu). Sau da yawa na ga ɗalibi ya ɗora fensir a kan layin ya fara da *man hasuna Islamul mar'i*, kuma a kunne kamar ya tafi daidai. Sai in ce masa ya fassara. Ya ce, "wanda musuluncin mutum ya kyautatu", sai ya yi shiru, don ya ji maganar ta karkace. Dalilin karkacewar shi ne *man* tana bukatar lamirin da zai koma mata, a ce *Islamuhu*, musuluncinsa, ga shi kuwa babu. Sai ya dawo ya gwada ɗaya hanyar: *min husni Islamil mar'i*, daga cikin kyawun musuluncin mutum. Yanzu ya sami harafin jarra da abin da ya ja, da sunaye uku da aka jingina wa juna. Amma magana ba ta cika ba: me ke daga cikin kyawun? Wannan jiran shi ne zai gaya masa yadda zai karanta kalmar gaba. Ta, ra, kaf, ha: ba *tarakahu* (ya bar shi) ba ce, *tarkuhu* ce (barinsa), suna ne mai rufu'a, don shi ne mubtada'in da aka jinkirta, abin da ya gabata kuma habari ne da aka gabatar. Sai *ma la ya'anihi*, abin da bai shafe shi ba, wanda shi ne abin da ake barin.

Ka lura da abin da ya faru. Babu ƙa'idar da muka yi amfani da ita wadda ta fi ƙarfin ɗalibin farko, sai ɗan abin da ya shafi *man* da aikin masdari, waɗanda malami zai bayyana maka a zama guda. Abin da ya yi aikin shi ne ka san siffofin da haruffan nan za su iya ɗauka, ka gwada ɗaya, ka ji ma'ana ta ƙi, ka koma baya. Mai karanta Larabci sai ya fahimta sannan yake sa wasali, idonsa yana riga bakinsa isa ƙarshen jumla. Wannan sabo ne, kuma ba a samunsa da hadda.

Kada ka ɗauka ina rage wa nahawu daraja. Ga mai karanta Alƙur'ani wasalin ƙarshe yakan juya ma'ana kacokan. A suratu Faɗir aya ta 28, *innama yahshal Laha min ibadihil ulama'u*, sunan Allah ne ya zo da farko amma fataha ce a kansa, malamai kuma suka zo a ƙarshe da rufu'a, don haka malamai ne masu jin tsoron. A Baƙara aya ta 124, *wa izibtala Ibrahima Rabbuhu*, Ibrahim ne aka jarraba, Ubangijinsa ne Mai jarrabawa, kuma wasali ne ya nuna haka, ba jerin kalmomi ba. Amma ka duba da kyau: fa'ili da mafa'uli ne kawai, waɗanda ka riga ka haddace. Nahawun da ke hannunka ya ishe ka tafiya mai nisa in ka fara aiki da shi. Alfiyyar Ibn Malik baiti kusan dubu ce, ta tattaro ƙananan mas'aloli da yawa, sharhin Ibn Aƙil kuma ya ƙara da saɓanin malaman Basra da na Kufa da baitocin shaida daga tsoffin waƙoƙi. Littafi ne da yake daɗi ga wanda ya karanta Larabci da yawa, yana ta haɗuwa da abubuwan da ba shi da sunansu, sai ya tarar an jera masa su. Wanda bai karanta ba, zai ƙara hadda ne a kan hadda, bayan shekara biyu ya dawo da wannan tambayar taka.

Yanzu batun buri. "In karanta littattafan addini" fata ne mai kyau, amma ba za ka iya auna shi ba, don littattafan ba hawa ɗaya suke ba. Riyadus Salihina daban, tafsirin Jalalaini daban, Muhtasar na Halil kuwa ko Balarabe sai da sharhi, saboda an matse maganarsa matuƙa. Sai ka ambaci littafi, da shafi, da lokaci. Ga wanda nake ganin ya dace da kai: nan da wata goma sha biyu, a buɗe mini kowane shafi na Riyadus Salihina a bugun da ba wasali, in karanta shi a bayyane, kuskurena kada ya wuce biyar a kalma ɗari, in kuma faɗi ma'anarsa da Hausa ina duba ƙamus ba fiye da sau uku ko huɗu ba. Wannan buri ne da kai da kanka za ka san ko ka kai ko ba ka kai ba.

Awa ɗaya a rana, kwana shida a mako, ta haura awa 300 a shekara, kuma ta isa wannan burin in ba a yayyanka ta gida biyar ba. Watanni ukun farko ka ba sarfu rabin lokacin. Ka fara da juya fi'ili lafiyayye ta sigoginsa 14, madi da mudari'i da umarni, na sananne da na majhuli, har bakinka ya riƙa kawo su ba tare da tunani ba. Sai ma'aunan fi'ili guda goma da aka fi haɗuwa da su, kowanne da masdarinsa da sunan mai aikatawa da na abin da aka aikata. Kada ka koye su a matsayin jadawali kurum, ka riƙe su da kalmomin da ka sani: *alima* ya sani, *allama* ya koyar, *ta'allama* ya koya, *gafara* ya gafarta, *istagfara* ya nemi gafara, *nazala* ya sauka, *anzala* ya saukar. In ka gane cewa *ista* a farkon fi'ili sau da yawa neman abu take nufi, kalmomi da dama za su buɗe maka ba tare da ƙamus ba.

Inda ɗalibai suka fi zubewa shi ne fi'ilai masu harafin illa, wato waɗanda akwai wawu ko ya a asalinsu, don haruffan nan sukan canja ko su ɓace. Kullum kana karanta *wa ƙina azaban nar*. Fi'ilin da ke ciki harafi ɗaya ne tak, *ƙi*, asalinsa wawu da ƙaf da ya, daga *waƙa*, ya kare. Daga wannan asalin ne *ittaƙu* da *taƙwa* da *muttaƙin* suka fito. Ƙamusoshi irin su Mu'ujamul Wasiɗ a kan asalin kalma aka jera su, don haka wanda ya je neman *ittaƙu* a babin alif ko ta zai wuni bai same ta ba, tana can a babin wawu. Haka *istaƙim* tana ƙarƙashin ƙaf da wawu da mim, *mizan* kuma ƙarƙashin wawu da zai da nun. Ka ba wannan babin wata guda cur, kada ka yi masa gaggawa.

Sauran rabin awar, tun daga ranar farko, karatu ne. Ka fara da abu mai sauƙi mai wasali, kamar Ƙisasun Nabiyyin na Abul Hasan Nadawi, wanda aka rubuta wa yara, jumlolinsa gajeru ne kuma kalmominsa na Alƙur'ani ne. Kada girman kai ya hana ka littafin yara. Ka karanta da yawa, ba tare da tsayawa yin li'irabin kowace kalma ba. Jumla biyu ko uku a rana sun isa a feɗe su. Bayan watanni ukun, sai ka juya rabon: minti arba'in karatu, minti ashirin ƙa'ida. A nan ne za ka ɗauki littafin nahawu mai atisaye, irin Nahawul Wadihi na Aliyul Jarim da Musɗafa Amin, ko ka karanta Ƙaɗrun Nada na Ibn Hisham a gaban malami in shekara ta yi nisa.

Ga gwajin da za ka riƙa yi sau ɗaya a wata, shi ne zai gaya maka gaskiyar inda kake. Ka sami shafi ɗaya a bugu biyu, mai wasali da marar wasali, wanda ba ka haddace ba. Ka ɗauki fensir ka sa wa marar wasalin wasali harafi bayan harafi, sannan ka kwatanta. Kada ka tsaya a ƙirga kurakurai, ka raba su gida uku. In kuskuren a ƙarshen kalma yake, ka sa fataha inda rufu'a take, matsalar nahawu ce. In a cikin kalma yake, ka karanta *yu'allimu* inda *yu'allamu* take, ko fi'ili inda masdari yake, matsalar sarfu ce ko ta rashin bin ma'ana. In kuwa kalmar ce ba ka sani ba sam, ƙarancin luga ne, maganinsa yawan karatu da ɗan littafin da kake rubuta sababbin kalmomi a ƙarƙashin asalinsu. Gidan da ya fi cika shi ne aikin watan da ke tafe. Wani ɗalibina da ya daɗe yana cewa nahawu ne ya gagare shi, da ya yi wannan gwajin sai muka tarar kurakuransa na ƙarshen kalma ba su taka kara sun karya ba, tarin yana tsakiyar kalma, yawanci a fi'ilin majhuli. Mako uku muka yi a kan wannan kaɗai, karatunsa ya sake.

Akwai abin da ba za ka iya yi kai kaɗai ba. Ka sami wanda ya fi ka, ka riƙa karanta masa a bayyane ko sau ɗaya ne a mako, don mutum ba ya jin kuskuren da bai san kuskure ba ne.

Hausa za ta taimake ka, amma ka yi hattara da ita. Kana da ɗaruruwan kalmomin Larabci a bakinka tun kana yaro, kuma bambanta namiji da mace a *anta* da *anti* ba baƙon abu ba ne ga mai cewa "kai" da "ke". Sai dai kalmar aro takan ƙuntata ma'ana. "Arziki" a wajenmu ya fi karkata ga dukiya, *rizƙ* kuwa duk abin da Allah Ya ba bawa ne, ko loma ɗaya ce. "Fasiƙi" a kunnen Bahaushe ya fi nuna mai lalata, amma a suratul Kahfi aya ta 50 an ce Iblis *fasaƙa an amri Rabbihi*, ya fita daga umarnin Ubangijinsa. Irin wannan tarkon yana nan tsakanin tsohon Larabci da na yau ma: *sayyara* a jarida mota ce, a suratu Yusuf aya ta 19 ayarin matafiya ne. Kuma ka sani iya karanta shafi bai zama iya fitar da hukunci daga cikinsa ba. Kowane fanni yana da isɗilahinsa, kalmar *sunna* ma abin da malamin fiƙihu yake nufi da ita ba shi ne na malamin hadisi ba. Harshe zai sa ka bi maganar malamai da idonka, amma fiƙihu da tafsiri karatu ne na daban a gaban masu su.

To, ina hira? Ba na cewa ka binne ta, ina cewa kada ka raba awarka biyu a bana. Magana aikin kunne da baki ne, ana samunta da yawan ji da yawan faɗa, har da kurakurai, alhali karatun da kake nema aikin ido ne da natsuwa. Abin da za ka iya yi ba tare da taɓa awar ba shi ne sauraro a lokacin da hannunka ke wani aiki: karatun malamai da fusha mai sauƙi, ko labaran rediyo. Wannan zai ƙarfafa karatunka ma, don kunnen da ya saba jin *min husni* yakan riga ƙa'ida kama kuskure.

Shi kuma abokin aikinka, ka roƙe shi ya yi maka fusha a hankali. Duk Balaraben da ya yi makaranta yana jin ta, ko da bai saba yin hira da ita ba. Kai ma in za ka yi masa magana kada ka tsaya lissafin wasalin ƙarshe, ka ɗaure ƙarshen kalmomi kamar yadda ake yi wajen waƙafi, ka ce *uridul kitab*, *zahabtu ilas suƙ*, haka su ma suke yi. Na ga ɗalibai masu ilimi sun kasa fitar da jumla guda saboda suna tsoron lahani, alhali wanda ke gabansu ba ya sauraron ƙarshen kalmar ma. In ya faɗi abin da ba ka gane ba, ka tambaye shi yadda ake faɗarsa da fusha, ka rubuta su gefe da gefe, kalma biyu ko uku a rana.

In wata rana bukata ta gaske ta taso, kamar zama a wata ƙasar Larabawa ko aiki da mutanenta kullum, sai ka zaɓi ammiyyar wannan wurin kaɗai, ka ba ta watanni na musamman, kada ka gauraya ta Masar da ta Sham da ta Hijaz. A lokacin za ka ga amfanin sarfun da ka yi, domin *ruht* ɗin da ya rikita ka daga *raha* take, *tibga* daga *baga*, *dayir* daga *dara*, *dilwa'ti* kuwa *waƙt* ce da ka sani aka ɗora mata kalmar nuni a gaba aka mayar da ƙaf hamza.